Yadda ake gano adireshi da jerin baiti daidai wajen karanta mitar ruwa ta Modbus

Idan allon mitar kwararar ruwa yana nuna wata lamba, manhajar da ke karanta mitar ta Modbus kuma tana nuna wata lamba daban, sau da yawa waya da saitin sadarwa lafiyarsu ƙalau, domin da akwai matsala a can da amsa ba ta zo ba sam, ko kuma ta zo an ƙi ta saboda CRC, wato lambar tantance ingancin saƙo, bai yi daidai ba. Abin da ya rage abu uku ne: ko dai an tambayi rajistar da ba ita ba ce, ko an jera baitocin amsar ba bisa tsarin da mitar ta aiko su ba, ko kuma an fassara su da nau'in lambar da ba nasu ba. Wannan jagorar za ta bi su ɗaya bayan ɗaya da misalin mitar TUF-2000M, wadda ake manna na'urorinta a bayan bututu tana auna gudun ruwa da sauti, domin mita ce mai araha da ta yaɗu sosai, kuma duk matsalolin uku suna haɗuwa a kanta. Kamfanoni daban-daban suna sayar da irinta, don haka a gwada lambobin da ke nan da littafin da ya zo tare da mitar da ke hannu.

Tushen rikicin tarihi ne. Kamfanin Modicon ya fito da Modbus a 1979 domin na'urorinsa na sarrafa injuna, wato PLC, kuma ya gina shi a kan rajista mai bit 16, wato baiti biyu. Ƙa'idar ta fayyace cewa a cikin rajista guda babban baiti ne ke fara tafiya, amma ba ta ce komai ba game da lambar da ta fi ƙarfin rajista guda. Darajar kwarara kuwa kusan kullum bit 32 take ci, wato rajista biyu, saboda haka kowane mai ƙera mita ya zaɓi wadda zai sa a gaba bisa son ransa.

Mataki na farko: samun lambar da aka san gaskiyarta

Kafin a taɓa kwamfuta, a tsaya gaban mitar a rubuta abin da allonta ke nunawa, tare da ma'auninsa. Ana son darajar da ba sifili ba, kuma mai lambobi da yawa bayan ɗigo, saboda sifili baitocinsa huɗu duka 00 ne, ko ta yaya aka juya su sifili za su bayar, don haka gwajin da aka yi lokacin da famfo ke kashe bai tabbatar da komai ba. Littafin TUF-2000M ya kawo misalinsa da gudun ruwa na mita 1.2345678 a daƙiƙa, kuma da wannan lambar za mu yi aiki. A tsarin IEEE 754 mai bit 32, wanda littafin ke kira REAL4, baitocinta su ne 3F 9E 06 51. A riƙe su, domin su za a nema a cikin amsar.

A kan mitar kanta, taga M63 ce ke zaɓar yarjejeniyar sadarwa, kuma a tabbata tana kan MODBUS_RTU. Taga M46 tana ɗauke da lambar mitar a kan layi, M62 kuma saitin tashar, wanda aka saba samu a kan 9600 ba tare da bit ɗin daidaito ba.

Mataki na biyu: adireshin littafi da adireshin waya

Rajista guda tana iya zuwa da sunaye uku. Littafin mitar ya ce gudun ruwa yana cikin rajista 0005 da 0006, yana ƙirga daga 1. A kan waya kuwa ƙirga yana farawa daga 0, don haka abin da ke tafiya cikin saƙon shi ne 4. Suna na uku shi ne tsohon salon Modicon, inda ake sa wata lamba a gaba domin nuna rukunin rajistar: 40005 na nufin rajista ta biyar a rukunin da ake karantawa da umarni 03, 30005 kuma ta biyar a rukunin da ake karantawa da umarni 04. Wannan 4 ko 3 na farko ba ya tafiya kan waya ko kaɗan. Alama ce kawai ga manhajar cewa ta zaɓi umarnin da ya dace, ta cire 40001 ko 30001, ta aika abin da ya rage. Akwai kuma salon mai lambobi shida, 400005, wanda aka ƙirƙira domin mai lambobi biyar ba ya wuce rajista 9999.

Matsalar ita ce kowace manhaja tana da salon da take tsammani a akwatin adireshi, kuma ba kowacce ke faɗa ba. Tubalin Modbus na PLC ɗin Siemens S7-1200 yana karɓar 40005. Laburaren pymodbus yana karɓar 4. Manhajar mbpoll tana karɓar 5, sai dai idan an ba ta zaɓin -0, sannan ta karɓi 4. Ba a warware wannan da zato, sai an ga saƙon da ya fita. Ga umarnin da ke karanta rajista biyun a matsayin heksa tsagwaronsa, tare da nuna saƙon:

```
mbpoll -m rtu -b 9600 -P none -a 1 -r 5 -c 2 -t 4:hex -1 -v /dev/ttyUSB0
```

Saƙon da ya kamata ya fita shi ne wannan:

```
01 03 00 04 00 02 85 CA
```

Baiti na farko lambar mitar ce, na biyu umarni 03, sai 00 04 adireshin farawa, sai 00 02 yawan rajistar da ake so, biyun ƙarshe kuma CRC. Abin dubawa shi ne baiti na uku da na huɗu. Idan an ga 00 05, manhajar ba ta rage ɗaya ba, an zame da rajista guda. Idan an ga 9C 45, wato 40005 a heksa, manhajar ta aika lambar salon Modicon ɗungurungum, kuma na'urar da ke bin ƙa'ida za ta mayar da 83 02, ma'ana adireshin babu shi. Wannan kuskuren na biyu mai sauƙi ne tunda yana bayyana kansa. Na farkon ne mai haɗari, kuma za mu dawo kansa bayan an fahimci jerin baiti.

Mataki na uku: karanta amsar da ido kafin a bar manhaja ta fassara

Amsar mitar, idan aka bar baiti biyu na CRC, ita ce:

```
01 03 04 06 51 3F 9E
```

Bayan lambar mita da umarni, 04 yana nufin baiti huɗu ne ke biye, su ne 06 51 3F 9E. Rajista 0005 tana ɗauke da 0651, rajista 0006 tana ɗauke da 3F9E. Manhajar da ke nuna rajista da lambobin yau da kullum za ta rubuta 1617 da 16286, waɗanda ba su yi kama da komai ba, shi ya sa ake dagewa a kan heksa. Idan aka ajiye wannan kusa da 3F 9E 06 51 da muka riƙe, za a ga cewa kowace rajista baitocinta suna nan yadda suke, 3F kafin 9E, 06 kafin 51, amma rajistar da ke ɗauke da ƙaramin rabi ita ta fara zuwa. A salon haruffan da manhajoji da yawa ke amfani da shi, inda ABCD ke nufin daga babban baiti zuwa ƙarami, wannan jerin sunansa CDAB.

Ko da ba a san baitocin darajar tun farko ba, ana iya gane rajistar da ke ɗauke da babban rabi da ido. Baiti mafi girma na REAL4 yana ɗauke da alamar ƙari ko ragi da mafi yawan bit ɗin da ke nuna girman lambar, saboda haka ga darajojin da mita ke bayarwa a zahiri ba ya fita daga ɗan ƙaramin da'ira. Lamba tsakanin 0.5 da 2 tana farawa da 3F, tsakanin 2 da 8 da 40, tsakanin 8 da 32 da 41, tsakanin 32 da 128 da 42, tsakanin 128 da 512 da 43. Idan ruwa yana komawa baya, lambar ta zama ta ragi, sai a ga BF, C0, C1 da sauransu. Haka kuma idan aka bar manhajar tana maimaita tambaya ruwa yana gudu, rajistar babban rabi za ta tsaya kusan wuri guda, ta ƙaramin rabi kuma ta riƙa canzawa a kowane karatu. Inda 3F ko 42 ya zauna a cikin baitoci huɗun, nan ne A.

Ana iya gwada jeri huɗun gaba ɗaya da 'yan layukan Python:

```
import struct
w = bytes.fromhex("06513F9E")
for suna, i in [("ABCD",(0,1,2,3)), ("CDAB",(2,3,0,1)),
                ("BADC",(1,0,3,2)), ("DCBA",(3,2,1,0))]:
    print(suna, struct.unpack(">f", bytes(w[k] for k in i))[0])
```

CDAB ne kaɗai zai ba da kusan 1.2345678. ABCD zai ba da kusan 3.94e-35, BADC kusan 3.61e+10, DCBA kuma kusan -1.01e-20. Ya kamata a lura da na farkon sosai. Lamba mai girman biliyan 36 kowa zai gane shirme ce, amma 3.94e-35 allon SCADA mai lamba biyu bayan ɗigo zai rubuta ta 0.00, sai ma'aikaci ya ɗauka ruwa ba ya tafiya ko na'urorin da ke kan bututu sun kwance, alhali matsalar tana cikin saiti guda a manhaja. Alamar da ke tona asirin ita ce wannan sifilin ba ya zama lafiya: tunda ƙaramin rabi ne ya hau kujerar babba, kuma shi ne mai yawan canzawa, darajar tana tsalle daga kusan sifili zuwa lamba mai tsawon gaske, wani lokaci ta ragi, wani lokaci ma allon ya rubuta NaN.

Sunayen da ke cikin akwatunan zaɓi ba abin dogaro ba ne. Abin da wata manhaja ta kira Little Endian shi ne DCBA, a wata kuma CDAB ne, wasu su kira shi Word Swap ko Float Inverse, kuma abin da ake juyawa ya dogara da jerin da manhajar ta ɗauka a matsayin na asali. A mbpoll, alal misali, -t 4:float yana sa ƙaramin rabi a gaba tun asali, wanda ya yi daidai da wannan mitar, sai an ƙara -B yake komawa ABCD. A ganina ɓata lokaci ne a yi gardama a kan ma'anar sunan. A zaɓi ɗaya, a duba ko ya fitar da lambar da ke kan allon mitar.

Mataki na huɗu: kuskure biyu da ke rufa wa juna asiri

Nan ne ya fi cancantar a daɗe. A ɗauka an rubuta 5 a manhajar da ke ƙirga daga 0, kuma an bar jerin a kan ABCD. Tambayar za ta tafi da 00 05, mitar ta mayar da rajista 0006 da 0007. Rajista 0006 ita ce 3F9E, babban rabin gudun ruwa. Rajista 0007 kuwa ƙaramin rabin darajar da ke biye ce, wato saurin sauti a cikin ruwan, wadda ba ta da alaƙa da abin da ake nema. Manhajar za ta haɗa 3F9E a gaba da wannan baƙon rabi a baya, kuma sakamakon zai faɗa tsakanin 1.2344 da 1.2422, ko mene ne ke cikin rajista 0007. Wanda ya dubi allon mita ya ga 1.23, ya dubi kwamfuta ya ga 1.23 ko 1.24, zai rufe akwatin ya tafi gida da yaƙinin aiki ya kammala.

Dalilin da ya sa lambar ta yi kusa haka shi ne babban rabi yana ɗauke da alama, da girman lambar, da bit bakwai na farko na ɓangaren ɗigo, don haka duk abin da ƙaramin rabi zai iya canzawa bai kai kashi 1 cikin 128 na darajar ba, wato ƙasa da kashi 0.8 cikin ɗari. Kuskuren ya yi ƙanƙanta da ido zai kama, amma ya isa ya ɓata lissafin da ake tarawa tsawon wata, kuma yana sa jadawali ya riƙa rawa ba dalili.

Hakan yana faruwa da yawan kwarara ma, wanda ke rajista 0001 da 0002. A ce ainihin darajar mita-kubik 123.456 ce a awa, baitocinta 42 F6 E9 79. Idan aka zame da rajista guda, za a samu 42F6 tare da rajista 0003, ƙaramin rabin darajar kwararar makamashi, kuma idan wannan darajar sifili ce, sakamakon zai zama 42F60000, wato 123.0 cif. Daga nan darajar ba za ta ƙara motsawa a hankali ba, sai dai ta riƙa hawa da sauka da rabi-rabi, 122.5, 123.0, 123.5, domin tsakanin 64 da 128 wannan ne mafi ƙanƙantar takun da babban rabi zai iya yi shi kaɗai. Jadawalin kwarara mai kama da matakalar bene alama ce mai ƙarfi ta wannan kuskuren.

Hanyar kama shi ita ce a kwatanta lambobin har zuwa na huɗu ko na biyar bayan na farko, a lokacin da ruwa ya daidaita. Hanya mafi tabbaci kuma ita ce a karanta rajista takwas a tambaya guda tun daga adireshi 0, a heksa, a duba inda manyan rabi suka zauna. A wannan mitar dole su faɗo a rajista 0002, 0004, 0006 da 0008. Saurin sauti a ruwa yana kusa da mita 1480 a daƙiƙa, babban rabinsa yana farawa da 44, don haka rajistar da ke farawa da 44 tuta ce mai kyau: idan manhajar ta nuna ta a matsayi na takwas, ƙirgan ya yi daidai, idan a na bakwai, an zame.

Mataki na biyar: jimillar ruwa, inda nau'in lamba ya canza

Wanda ya daidaita kwarara ya kwafi saitin zuwa jimilla zai sake faɗawa wani ramin, domin jimillar ba REAL4 ba ce. Littafin ya kira ta LONG, wato cikakkiyar lamba mai bit 32. Jimillar da aka cire ruwan da ya koma baya tana rajista 0025 da 0026, adireshin waya 00 18 a heksa, kuma a misalin littafin baitocin da suka dawo su ne 3F 31 00 0C. Idan aka juya rajistar biyu, ana samun 000C3F31, wato 802609. Idan ba a juya ba, ana samun 1060175884, kuma duk lokacin da mitar ta ƙara ɗaya, lambar kwamfuta za ta ƙaru da 65536, wanda shi ne tambarin wannan kuskuren. Idan an juya daidai amma an fassara da REAL4, sakamakon kusan 1.12e-39 ne, sifili a ido. A lura kuma cewa a nan 3F ya zo a gaba bisa katari kawai, don haka dabarar neman 3F ko 42 ta REAL4 ce, ba ta aiki a kan LONG. A LONG babban rabi shi ne mai yawan sifili a hagunsa.

Lambar ba ta cika ba tukuna. Mitar tana ajiye abin da ke bayan ɗigo a rajista biyu na gaba a matsayin REAL4, tana kuma da ma'aunin ninki da aka zaɓa a taga M33, wanda ke rajista 1439. Lissafin shi ne:

```
jimilla = (N + Nf) * 10^(n - 3)
```

N ita ce LONG, Nf ita ce ɓangaren ɗigo, n kuma abin da ke rajista 1439. Idan n ta zama 3, ninkin ɗaya ne. Idan wani ya canza M33 daga baya, jimillar da ke kwamfuta za ta kauce da ninki goma ko ɗari ba tare da an taɓa komai a PLC ba, don haka ya fi kyau a karanta n daga mitar maimakon a rubuta ta da hannu cikin shiri. Raba jimillar gida biyu yana da hujja: REAL4 ba ta iya bambanta cikakkun lambobi ɗaya bayan ɗaya idan ta wuce 16777216, saboda haka wanda ya haɗa N da Nf ya zuba su cikin REAL4 a PLC ya mayar da asarar da mai ƙera mitar ya guje wa. A ajiye sakamakon a LREAL mai bit 64, ko a bar N a matsayin cikakkiyar lamba.

Sabuwar mita tana ɓoye wani kuskuren na dabam. Muddin jimillar ba ta kai 65536 ba, babban rabi sifili ne, kuma wanda ya karanta rajista 0025 ita kaɗai zai ga lamba daidai na tsawon watanni. Ranar da ta wuce 32767 za ta koma ta ragi idan an fassara ta da alama, in kuwa ba alama, za ta koma sifili bayan 65535.

Mataki na shida: rabi biyun su zo a tambaya guda

Wasu manhajojin suna tsara tambayoyinsu da kansu, kuma idan an bayyana rabi biyun a matsayin maki biyu masu bit 16 aka haɗa su da lissafi, kowanne yana iya zuwa a tambaya daban. A ce jimillar tana 000CFFFF. An karanta ƙaramin rabi an samu FFFF, mitar ta ƙara ɗaya ta koma 000D0000, sannan aka karanta babban rabi aka samu 000D. Haɗin ya zama 000DFFFF, wanda ya zarce gaskiya da 65535, kuma a karatu na gaba ya dawo daidai. Ba kullum yake faruwa ba, shi ya sa yake wahalar kamawa, amma shirin da ke lissafa amfanin ruwa ta hanyar cire karatun baya daga na yanzu zai rubuta babban tsalle sannan babban ragi. Maganin shi ne a bayyana darajar a matsayin maki guda mai bit 32, a kuma duba a saƙon cewa yawan rajista 00 02 ne, ko 00 04 idan ana son N da Nf tare. Umarni 03 yana iya ɗauko har rajista 125 a tambaya guda, kuma idan manhaja tana yanka dogon jeri gida-gida, a tabbata yankan bai faɗo tsakiyar wata daraja ba.

Idan akwai na'urar tsakiya da ke mayar da RTU zuwa Modbus TCP, a maimaita mataki na biyu da na uku a ɓangarenta na TCP. Wadda ke miƙa saƙo kawai ba ta taɓa baitocin, amma wadda ke tara bayanai cikin teburinta tana iya sauya adireshi, tana kuma iya juya rajista da kanta, kuma idan ita ta juya PLC ma ya juya, an koma inda aka fara. Wuri guda kawai za a yi juyin, a kuma rubuta a takardar aikin, kusa da kowace daraja, lambar rajistar littafi, adireshin waya a heksa, umarnin karatu, nau'in lamba, jerin baiti da haruffa huɗu, da baitocin gwajin da aka gani tare da lambar da allon mitar ya nuna a lokacin.